Yadda ake ƙiyasta zafin da iskar gas ke fitarwa da alƙalami da takarda, da inda lissafin ke kuskurewa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a shekarar 2023, maganar mayar da motoci su koma amfani da iskar CNG ta yawaita a tashoshi da ofisoshi. Mafi yawan abin da ke cikin wannan iska sinadari ne da ake kira metan. Duk mai son kwatanta makamashi biyu yana bukatar sanin yawan zafin da kowanne ke fitarwa idan ya ƙone. Masana kimiyyar sinadarai suna kiran zafin da wani sauyi ya fitar ko ya shanye, matuƙar matsin iska bai canza ba, da sunan sauyin entalfi, suna kuma rubuta shi da alamar ΔH. Ana iya auna shi a ɗakin gwaji. Ana kuma iya ƙiyasta shi a zaune, da jadawali guda da ɗan lissafi. Hanyar ƙiyasin tana da sauri, amma tana da wuraren da take yaudarar mai amfani da ita.

Kowane sinadari ya ƙunshi ƙwayoyin zarra da suke ɗaure da juna. A metan, ƙwayar kabon ɗaya ce take riƙe da ƙwayoyin haidurojin huɗu, wato ɗauri huɗu ke nan. Tsinka ɗauri yana cin makamashi a kowane hali, ƙulla sabo kuwa yana sakin makamashi. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a juye, suna zaton zafin wuta daga tsinkewar ɗauri yake fitowa. Tsinkewar kashe kuɗi ce, ribar tana zuwa ne lokacin da aka ƙulla sababbin ɗauri masu ƙarfi fiye da na da. Saboda haka lissafin ya yi kama da na ɗan kasuwa: a tara abin da aka kashe wajen tsinkawa, a tara abin da ya dawo wajen ƙullawa, a cire na biyu daga na farko. Idan amsar ta fito da alamar ragi, sauyin yana fitar da zafi.

Ƙonewar metan ana rubuta ta haka:

```
CH4 + 2O2 → CO2 + 2H2O
```

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kilojul a kowane mol. Mol wani ƙayyadadden adadi ne na ƙwayoyi, kamar yadda dozin yake adadi, kuma mol ɗaya na metan nauyinsa giram 16 ne. Jadawalin da aka saba gani a littattafan makaranta yana ba ɗaurin C–H kilojul 413, ɗaurin O=O 498, ɗaurin O–H 463, ɗaurin C=O na cikin CO2 kuma 799.

A ɓangaren tsinkawa akwai C–H huɗu, wato 1652, da O=O biyu, wato 996. Jimilla 2648. A ɓangaren ƙullawa, CO2 yana da C=O biyu, wato 1598. Kowace ƙwayar ruwa tana da O–H biyu, ƙwayoyin ruwan kuma biyu ne, don haka ɗauri huɗu ne, wato 1852. A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, su ƙirga biyu maimakon huɗu, shi ya sa malamai ke nacewa a zana siffar kowane sinadari kafin a fara ƙirge. Jimillar ƙullawa 3450.

```
ΔH = 2648 − 3450 = −802 kJ/mol
```

Ma'ana giram 16 na metan yana fitar da kilojul 802, kimanin megajul 50 a kowane kilo. Da za a iya kama zafin duka ba tare da ya ɓata a gefen tukunya ba, da ya isa ya ɗaga ruwa lita biyu da rabi daga digiri 25 zuwa tafasa. Abin da awo na ɗakin gwaji ya nuna kuwa shi ne kimanin 802, idan ruwan da aka samar ya tafi a matsayin tururi.

Wannan dacewa tana da daɗin gani, sai dai bai kamata a ɗauke ta hujjar cewa hanyar ba ta kuskure ba. Lambobin jadawalin matsakaita ne. Babu wani ɗaurin C–H guda da ƙarfinsa yake 413 a ko'ina. Ko a cikin metan kansa, idan ana cire haidurojin ɗaya bayan ɗaya, na farko yana cin kusan 439, na ƙarshe kuwa kusan 340, domin duk wanda aka cire yana sauya halin waɗanda suka rage. Matsakaicin huɗun ya kai kusan 416. Lambar 413 an samo ta ne daga haɗa sinadarai da dama masu irin wannan ɗauri. Ruwa ma haka yake: ɗaurin O–H na farko yana cin kusan 498, na biyu kusan 428, tsakaninsu aka sami 463.

Idan aka duba da kyau, lissafin metan ya gaza da kusan 12 a ɓangaren tsinkawa, saboda an sa 413 maimakon 416 sau huɗu. Ya kuma gaza da kusan adadin nan a ɓangaren ƙullawa, domin ainihin ƙarfin C=O a cikin CO2 ya ɗan haura 800. Kuskuren biyu suka cinye juna, amsa ta fito daidai. Akanta da ya manta naira dubu goma a shafin shiga, ya kuma manta dubu goma a shafin fita, littafinsa zai daidaita, amma ba ƙwarewarsa ce ta daidaita shi ba.

Babban tarkon yana wurin C=O. Yawancin jadawalai suna ba da lamba biyu: kusan 745 ga C=O na gama-gari, irin wanda ake samu a sinadarai kamar asiton, da 799 ga na CO2 kaɗai, domin ɗaurin da ke cikin CO2 ya fi ƙarfi. Wanda ya ɗauki 745 zai sami 3342 a ɓangaren ƙullawa, amsarsa ta zama −694. Ya yi nisa da gaskiya da kilojul 108, sama da kashi 13 cikin ɗari, alhali bambancin lambobin biyu kusan kashi 7 cikin ɗari ne kawai. Dalilin wannan kumbura shi ne amsar tana fitowa ne daga cire babbar lamba daga wata babbar lamba. Ɗan kasuwar da ya saro kaya a kan miliyan biyu da dubu ɗari shida ya sayar a kan miliyan uku da dubu ɗari huɗu ya san cewa ƙaramin kuskure a farashin sayarwa yana zama babba a cikin riba. A ƙonewa, inda ribar take da yawa, ana iya jure wannan. A sauyin da zafinsa bai wuce kilojul ashirin ko talatin ba, kuskuren zai iya fin amsar girma, har ya juya alamarta, ya nuna sauyin na fitar da zafi alhali shanye shi yake yi.

Akwai kuma batun yanayin da sinadarin yake ciki. Duk lambobin jadawalin an gina su ne a kan sinadarai a yanayin iska, inda kowace ƙwaya take yawo ita kaɗai. Ba su san komai ba game da jan da ƙwayoyi ke yi wa juna a cikin abu mai ruwa-ruwa ko daskararre. Idan tururin da ƙonewar metan ta samar ya huce ya koma ruwa, kowane mol yana ƙara sakin kilojul 44. Mol biyu ne, don haka 88, jimilla ta tashi zuwa 890. Wannan ne ya sa mai karatu zai ga 802 a wani littafi, ya ga 890 a wani, kuma duka biyun daidai ne. Masu cinikin makamashi suna da suna ga kowanne: ƙaramar ƙimar zafi da babbar ƙimar zafi. A injin mota da murhun girki tururin yana ficewa da zafinsa, saboda haka ƙaramar ce ta fi nuna abin da mai saye zai amfana da shi. Kwatanta fetur a kan babbar ƙima da gas a kan ƙarama, ko akasin haka, yana karkatar da hukunci da kusan kashi goma cikin ɗari kafin ma a shiga maganar farashi. Ga makamashi mai ruwa-ruwa kamar kananzir, sai an ƙara zafin da ake bukata don mayar da shi iska. Ga gishiri da makamantansa, waɗanda ba su da ƙwayoyi masu zaman kansu, hanyar ba ta aiki sam.

Wani makantar kuma ita ce ta siffa. A tukunyar gas ta girki akwai butan da ɗan'uwansa isobutan. Dukansu suna da C–C uku da C–H goma, sai dai ɗaya a miƙe yake, ɗaya yana da reshe. Jadawalin zai ce zafinsu ɗaya ne, awo kuwa ya nuna bambancin kusan kilojul 9 a mol. Wannan bai kai ya dami mai girki ba. A sinadarin C6H6 mai siffar zobe, abin ya wuce haka nesa. Idan aka ɗauka yana da ɗauri mai ninki biyu guda uku na yau da kullum, za a yi tsammanin haɗa shi da haidurojin zai fitar da kusan 360, amma 208 ake samu. Giɓin kusan 150 ya samo asali ne daga yadda ɗaurin ya bazu a kewayen zoben gaba ɗaya maimakon ya tsaya tsakanin ƙwayoyi biyu. Irin wannan giɓi bai zama asara ga masana ba, domin da shi suke auna yadda bazuwar ke ƙara wa sinadarin kwanciyar hankali.

Lambar ΔH ba ta kuma faɗin ko sauyin zai fara da kansa. Metan da iskar oksijin za su iya zama a gauraye tsawon lokaci ba abin da ya faru sai tartsatsi ya shigo. Kilojul 2648 na tsinkawa ma ba shi ne zafin da ake bukata don kunna wuta ba. Dabara ce ta lissafi, ana ɗauka kamar an warware komai zuwa ƙwayoyin zarra sannan aka sake ginawa. Abin da ya halatta wannan ɗauka shi ne ƙa'idar da Germain Hess ya bayyana a 1840, cewa jimillar zafin sauyi ta dogara ne ga mafari da ƙarshe, ba ga hanyar da aka bi ba.

Ƙa'idar Hess ɗin ce ta ba da hanyar da ta fi inganci, wato amfani da zafin samuwar kowane sinadari, wanda aka auna masa shi kaɗai a yanayinsa na gaskiya. Na metan kusan −75 ne, na CO2 −393.5, na tururin ruwa −241.8, na oksijin kuwa sifili. A tara na abubuwan da aka samar, −877, a cire na metan, a sami −802, wannan karon ba da taimakon sa'a ba. Injiniyan da zai tsara tukunyar masana'anta ko ya sa hannu a kwangilar sayen gas da waɗannan lambobi yake aiki, ko da awo kai tsaye. Jadawalin ɗauri yana komawa gare shi ne idan ya gamu da sinadarin da ba a taɓa auna zafin samuwarsa ba, ko yana son gano wane ɗauri ne ke kawo mafi yawan zafin. A ƙonewar metan, ɗauri huɗu na O–H suna sakin 1852, fiye da 1598 na C=O, kuma wannan yawan haidurojin shi ne dalilin da ya sa kilo ɗaya na metan ya fi kilo ɗaya na fetur zafi.