Daga ina sabuntawar kwamfutarka take zuwa?

Ranar Talata ta biyu a kowane wata kamfanin Microsoft ke sakin gyare-gyaren tsaro na Windows, kwamfutoci miliyoyi kuma su nema kusan lokaci guda. Da daga wuri ɗaya kowa zai ɗebo, da layin ya cushe. Shi ya sa ake raba kwafe-kwafen a manyan kwamfutocin ajiya da ke birane daban-daban, na kamfanin kansa da na masu wannan sana'a irin su Akamai, wanda aka kafa a 1998. Idan kwamfutarka ta nema, sai a tura ta ma'ajiyar da ta fi kusa da ita. In babu fayil ɗin a can, ma'ajiyar ta ɗauko sau ɗaya daga tushe, ta ajiye wa masu zuwa a baya. Tamkar dila ne da ya sauke kaya a kasuwar garinku.

Amma wannan bai rage wa mai biyan kuɗin data komai ba. A ce ofis mai kwamfuta 20, sabuntawar kuma megabait 500 ce: in kowace ta sauke nata, gigabait 10 sun tafi a kan abu ɗaya.

Nan ne dabarar da ta zo da Windows 10 a 2015 take aiki, wadda za ka gani a allo da sunan `Delivery Optimization`. Ana yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa. Kwamfutar da ta riga samun wata gunduwa sai ta miƙa wa 'yan'uwanta da ke kan layin ofishin, ta ƙofa mai lamba 7680, abin da ya rage kuma a ɗauko daga waje. Masu tsoron a cusa musu gurɓataccen abu su kwantar da hankali: kowace gunduwa tana da lambar tantancewa daga Microsoft, wadda ba ta dace ba a watsar, a sake saukewa.

Sai dai rabon yakan ƙi. Wasu na'urorin wayifai, musamman layin baƙi, suna hana kwamfutoci ganin juna. Katangar tsaro tana iya toshe ƙofar 7680. Kwamfutar da ta fara saukewa ma, in an kashe ta ko an ɗauke wuta, ba ta da abin bayarwa.

Don sanin gaskiya, buɗe `PowerShell` ta hanyar `Run as administrator` ka rubuta:

```
Get-DeliveryOptimizationStatus
```

Dubi `BytesFromPeers`, wato abin da aka samo daga maƙwabta, ka gwada shi da `BytesFromHttp`, wanda aka sauke daga waje. Idan na farkon sifili ne a duk kwamfutocin, rabo ba ya gudana.

A ganina, mai biyan data ya zaɓi rabo tsakanin kwamfutocin ofishinsa kaɗai. Zaɓin da ya haɗa da na intanet yana iya aika wa baƙi gunduwoyi da datarka, don haka ka duba wanne aka kunna maka.