Beli ba sallama ba ne: jan kunne ga ɗalibin lauya ɗan aji ɗaya

Wani dattijo a unguwarmu ya tsaya wa ɗan maƙwabcinsa da aka gurfanar a kotun majistare kan zargin cin amana. Kafin ya sa hannu ya nemi shawarar ɗan ƙaninsa, wanda bai daɗe da fara karatun lauya ba, amma gida har an soma kiransa Barista. Yaron ya ce, "Kawu, sa hannu ne kawai, ba ko sisin kwabo da za ka biya." Dattijo ya rattaba hannu a kan naira dubu ɗari biyar. Wanda aka yi wa belin ya halarci zama na farko, daga nan ya yi layar zana. Yanzu mai furfura ne ke sintiri a kotu, ana tambayarsa dalilin da zai hana a karɓi kuɗin nan daga hannunsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Ya faɗi rabin magana ne da cikakken ƙarfin hali, alhali sauran rabin shi ne mai cizo.

Kai da ka shiga aji ɗaya, fara riƙe wannan: beli sakin wanda ake tuhuma ne na wucin gadi, bisa alkawarin zai riƙa bayyana duk ranar da aka neme shi har shari'a ta ƙare. Tushensa sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifinsa. Don haka ba a wanke shi ba, ba a kuma kori ƙarar ba. Guɗar da ake rangaɗawa a ƙofar gida ranar da aka fito da mutum tana sa mutane su ɗauka magana ta mutu, su manta da ranar zama na gaba. Wanda ya ƙi zuwa, alƙali zai ba da umarnin kamo shi, ya soke belin, sannan ya waiwayi wanda ya tsaya masa.

Adadin kuɗin da alƙali ya ambata, galibi ba a ranar ake ƙirga shi ba. Bashi ne mai sharaɗi da ke rataye a wuyan mai tsayawa: in mutumin ya ci gaba da zuwa, ba ka biyan komai, in ya gudu, kotu za ta kira ka, ko ka kawo shi, ko ka ba da hujja mai gamsarwa, ko ka biya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon ƙwato kuɗin daga dukiyar mai tsayawa, in kuma bai samu ba, a ɗaure shi har zuwa wata shida. Wanda yake ganin wannan barazana ce ta takarda ya tuna da watan Nuwamban 2020. Sanata Ali Ndume ya tsaya wa Abdulrasheed Maina a kan naira miliyan 500. Maina ya daina zuwa kotu, sai Mai Shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya tura sanatan gidan yarin Kuje. Ya kwana a can kafin a ba da belinsa shi ma, daga baya kuma aka kamo Maina a Jamhuriyar Nijar. In sanata mai ci bai tsira ba, ina ga mai shago a bakin kasuwa?

To, in wani ya zo maka da maganar tsayawa wa mutum, kada ka ce masa sa hannu ne kawai. Tambaye shi: ya san gidan mutumin da sana'arsa? Yana da mata da 'ya'ya a garin, ko ɗan ci-rani ne da jakarsa ke rataye? In ya ɓace, wa zai nuna inda yake? Kuma in abin ya ɓaci, yana da halin biyan kuɗin ba tare da ya sayar da gidan gado ba? Ka sa ya karanta takardar kafin ya sa hannu, ya rubuta ranar kowane zama, ya kuma je da kansa ko ya tabbatar mutumin ya je. Akwai wata ƙofa da yawancin mutane ba su san da ita ba: mai tsayawa yana da ikon komawa kotu ya ce ya janye. Kotu za ta nemo wanda ake tuhuma, ta sauke wa mai tsayawa nauyi, shi kuma ya kawo wani ko a tsare shi. Amma tun mutumin yana gari ake yin haka. Da ka ga ya fara sayar da kayan ɗakinsa yana sauya lambar waya, kunyar maƙwabtaka ba taka ba ce.

Belin 'yan sanda daban yake da na kotu. Shi kyauta ne a doka, duk da abin da kowa ya sani yana faruwa a kanta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Mace na iya tsayawa wa mutum. Dokar 2015 ta hana a ƙi ta don kawai ita mace ce. Laifin da hukuncinsa kisa ne kuwa, alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke ba da belinsa, shi ma sai da dalili na musamman.

Wani ruɗanin da ke haifar da ɓarna shi ne kalmar mai ƙara. A shari'ar haƙƙi, wato bashi, gado, fili ko haya, mai ƙara shi ne wanda ya shigar da ita da kansa, abin da kotunan Musulunci ke kira mudda'i, kuma yana iya janyewa. A shari'ar laifi, wanda aka cuta mai ƙorafi ne, shaida ne. Hukuma ce ke gabatar da ƙara. Shi ya sa "ai mun sasanta a gida" ba ya sauke nauyin beli har sai kotu ta rufe shari'ar da bakinta.

Ɗan haya kuma ba mai laifi ba ne don kuɗin haya ya makale. Bashi ne, kuma dokar 2015 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, balle a kai ga maganar beli. Mai gida notis zai bayar. A Abuja, in ba a yi wata yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata yana da wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida, sannan wani notis na kwana bakwai, sannan kotu. Kowace jiha da tata dokar, sai ka duba ta jiharku. Cire rufi ko watso kaya waje ɗaukar doka a hannu ne.

Ɗalibi, ba ka da lasisin ba kowa shawarar shari'a sai an rantsar da kai a matsayin lauya. In 'yan uwa suka matsa, gaya musu ma'anar kalmar gaba ɗayanta, sannan ka raka su wurin lauya ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kafin a sa hannu.