Laba, siton da ƙafa: yadda za ka mayar da su kilo da mita ba tare da kuskure ba

Mene ne waɗannan ma'aunai?

A Birtaniya mutane kan faɗi nauyinsu da siton da laba, a Amurka kuma da laba zalla. Laba ɗaya kilo 0.4536 ce, siton ɗaya kuwa laba 14 ne, wato kilo 6.35. Tsayi kuma da ƙafa da inci suke auna shi. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, inci ɗaya santimita 2.54, kamar yadda kake gani a fuska biyu na tef ɗin tela.

Daga ina zan fara?

Ka fara tattara awon a ƙaramin ma'auni, sannan ka juya shi. A ce wani yana da nauyin siton 12 da laba 8, tsayinsa ƙafa 5 da inci 9. Siton 12 sau 14 ya ba da laba 168, ka ƙara 8, sun zama 176. Ka ninka da 0.4536, ka samu kilo 79.8. Haka ma tsayin: ƙafa 5 inci 60 ne, da 9 sun zama 69. Sau 2.54 ya ba da santimita 175.3, wato mita 1.753.

Me zan yi da waɗannan lambobi?

Da su ake fitar da BMI, lambar da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa. Ka ninka tsayin, a mita, da kansa, sannan ka raba kilo da abin da ya fito. A nan 1.753 sau 1.753 ya ba da 3.07, kuma 79.8 a raba da 3.07 ya kama 26. Idan kuma an ce kashi 25 cikin 100 na jikinsa kitse ne, to kitsen kusan kilo 20 ne, sauran kilo 60 tsoka ce da ƙashi da ruwa da kayan ciki.

Ina aka fi yin kuskure?

A wajen ɗigo. Ƙafa 5 da inci 9 daban take da ƙafa 5.9, domin ƙafa kashi 12 ake raba ta, ba 10 ba. Wanda ya danna 5.9 a kalkuleta zai samu santimita 179.8, ya ƙara wa mutumin tsayin da ba nasa ba. BMI sai ya sauko zuwa 24.7, alhali daga 25 ake fara cewa babba ya yi nauyi fiye da ƙima. Siton 12 da laba 8 ma ba 12.8 ba ne.

Yaya zan gane na yi daidai?

Adadin kilo ya kamata ya gaza rabin adadin laba da kaɗan: rabin 176 shi ne 88, ka cire kashi ɗaya cikin goma, ka kusanci 79. Idan BMI ɗin wannan mutum ya fito 57, to laba ka sa a gurbin kilo. Kada kuma ka datse lambobin bayan ɗigo sai ka kai ƙarshen lissafi.