Abin da hoton ciki ke nunawa: dutse, ƙullutu ko kumburin ƙoda

A hoton ciki na "échographie", ruwa baƙi yake fitowa, abu mai tauri kuma fari. Dutsen matsarmama fari ne fat, yana jefa baƙar inuwa a bayansa, kuma yana gangarawa idan majinyaci ya juya. Shi ya sa ake hana cin abinci na awa 6 kafin hoton, domin matsarmama ta cika.

Ƙullutun ruwa a ƙoda baƙin da'ira ne mai siririn bango, yawanci ba ya cutarwa. Amma idan baƙin ya cika tsakiyar ƙoda, ya yi rassa haɗe da juna kamar yatsun hannu, fitsari ne ya taru, galibi saboda toshewa. In da zazzaɓi, a garzaya asibiti.