Kuɗin fansho da haraji: Lissafin da ya kamata ma'aikatan masana'antun Kano su sani

A ƙofar masana'antun roba na Sharada, ko kamfanonin jimar fata na Challawa, tambayar da dattawan ma'aikata suka fi yi idan ritaya ta matso ita ce: nawa gwamnati za ta cire? Amsar a taƙaice ita ce babu ko kobo, muddin kuɗin sun fito ne daga asusun fansho da Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta tanada.

Akwai ƙofofi uku da gwamnati kan iya tsayawa ta karɓi haraji: lokacin da ake zuba kuɗin, lokacin da suke juyawa suna kawo riba, da lokacin da ake biyan mai su. Sashe na 10 na dokar ya ɗauke haraji a dukkan ukun.

Mu ɗauki misalin mai kula da injin a wani kamfani a Bompai, wanda albashinsa da kuɗin gida da na mota suka kai naira 200,000 a wata. Za a cire masa kashi 8 cikin ɗari, wato 16,000, kamfani ya ƙara kashi 10, wato 20,000. Asusunsa na samun 36,000 duk wata ke nan. A shekara albashinsa miliyan 2.4 ne, amma sai an fitar da 192,000 na fansho kafin a lissafa harajin da ke zuwa hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko ba su da haraji, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma kashi 15 ne. Idan aka ajiye sauran rangwame a gefe, zai biya 211,200 maimakon 240,000. Fansho ya rage masa 28,800.

Idan ya kai shekara 50 ya yi ritaya, zai iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata ta hannun kamfanin da ke kula da asusun ko kamfanin inshora. Duka biyun ba su da haraji. Wanda aka sallama kafin wannan shekaru, ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya cire kashi 25 na abin da ya tara.

Inda ake tuntuɓe shi ne ƙarin ajiya na ganin dama. Ma'aikaci zai iya cewa a riƙa zuba masa wani abu sama da kashi 8 ɗin. To amma idan ya cire kafin shekara biyar, doka ta ce ribar da kuɗin suka kawo za ta sha haraji. Shekara biyar ɗin kuwa daga ranar kowane zubi ake ƙirga ta, ba daga ranar buɗe asusu ba.

Kuɗin sallama da kamfani ke bayarwa daga aljihunsa idan ya rage ma'aikata, abin da Kano ta sha gani tun durƙushewar masaƙu, lissafinsa daban ne. Diyyar rasa aiki ba ta da haraji har zuwa naira miliyan 50, amma albashin da aka riƙe da kuɗin hutu albashi ne, kuma za a cire musu. Shi ya sa yake da kyau takardar sallama ta fayyace kowane kaso da sunansa.

Ɗan Kano da ya yi aiki a Birtaniya zai tarar da wani tsarin. A can yawanci kashi 25 kawai ake karɓa ba haraji, sauran ana lissafa shi kamar albashi. A Amurka akwai asusun da ake biyan haraji kafin a zuba, akwai wanda sai an zo cira. Waɗannan ƙasashe sun dogara sosai ga harajin kuɗin shigar mutane, tsofaffinsu kuma suna da yawa, don haka sai dai su jinkirta karɓa, ba su yafe ba. Najeriya kuwa ta fito da tsarin ne a 2004, bayan tsohon ya bar bashin fansho jibge, tana neman abin da zai jawo mutane su amince su ajiye. Ga hauhawar farashi da ke cin fanshon tun kafin ya iso hannu. A ɗora masa haraji zai yi wuyar karewa.

Sai dai duk wannan rangwame na wanda kuɗinsa suka isa asusu ne. Doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, wanda ya yi jinkiri kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 a wata ba. Hanyar ganewa ita ce ma'aikaci ya karɓi bayanin asusunsa ya gwada da takardar albashi wata bayan wata; idan ya ga giɓi, hukumar PenCom ake kai wa ƙorafi. Leburorin da ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila ana biyansu kullum ko mako-mako, waɗanda suke da yawa a Sharada da Challawa, galibi ba su da asusun da za su duba.