Harafi biyu, launi biyu: yadda ake karanta amsar Wordle



Da yawanmu mun san wasan nan na waya mai suna Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saya a Janairun 2022. Ana ɓoye kalma mai haruffa biyar, a ba ka dama shida ka gano ta. Kore na nufin harafin yana mazauninsa, ruwan ɗorawa na nufin yana cikin kalmar amma ba a nan ba, ruwan toka kuma babu shi. Mu da takarda da biro muke yinsa, da Hausa, har da sunayen mutane da na garuruwa. YENDI da BAWKU suna shiga, SALAGA kuwa haruffa shida ce, sai haƙuri.

Inda gardama take tashi shi ne idan kalmar da ka cinka tana da harafi ɗaya sau biyu. A nan ruwan toka ba ya nufin "babu shi" kai tsaye. Yana iya nufin "babu ƙari".

Mai duba amsa zagaye biyu yake yi. Da farko ya ba da kore duk inda harafi ya faɗa mazauninsa. Sannan ya dawo daga hagu zuwa dama yana raba ruwan ɗorawa, amma gwargwadon abin da ya rage na harafin a kalmar ɓoye. In ya ƙare, sauran su sha toka.

A ce an ɓoye BAWKU, kai kuma ka rubuta KASKO. K na huɗu ya faɗa daidai, ya zama kore, kuma shi kaɗai ne K a BAWKU. Saboda haka K na farko toka zai samu, ko da yake shi ya riga zuwa. Mai gaggawa yana ganin tokar farko sai ya soke K gaba ɗaya, alhali ga shi can kore.

Yanzu ga wanda ya fi daɗi. Mun rubuta SALLA, amsa ta fito haka: S toka, A na biyu kore, L na uku ruwan ɗorawa, L na huɗu toka, A na ƙarshe ruwan ɗorawa.

To, mu fara da L. Ɗaya ya samu launi, ɗaya bai samu ba, ke nan L guda ɗaya ne tak a kalmar. Ba ya gida na uku, don da yana nan da kore ne. Ba ya gida na huɗu, bisa wannan dalilin dai. Gida na biyu kuma A ya riga ya zauna. Saura na farko ko na biyar. Ka ga tokar nan da ake rainawa abu biyu ta faɗa mana: yawan harafin, da wani gida da ba ya ciki.

A kuwa duka biyun sun samu launi, wannan na nuna aƙalla biyu ne. "Aƙalla" muka ce, domin toka ce kaɗai take rufe lissafi. A ɗin da ya rage ba ya ƙarshe. In yana gida na ɗaya ko na uku zai manne da koren, mu sami AA a jere, kuma daidaitaccen rubutun boko ba ya ninka wasali haka (wasu suna yi don nuna ja, kamar madda a ajami, amma ba a wasanmu ba). Sai gida na huɗu ke nan.

Mu auna kalmomin da suka zo mana a rai. MALAM ta fita, L ɗinta na uku ne. LAMBA ta fita, da A na ƙarshe ya yi kore. LAUJE A ɗaya gare ta. LAWAL ita ce mai yaudara: siffarta ta yi daidai, amma L biyu ne, da ita ce da duka L ɗin SALLA sun yi ruwan ɗorawa. Suka rage LADAN, LAWAN, LARAI da JAMAL.

Daga nan a zaɓi wadda za ta raba sauran. In muka sa LAWAN, ko dai mu ci, ko W kaɗai ya yi toka mu san LADAN ce, ko W da N su yi toka tare da L kore mu san LARAI ce, ko L ya yi ruwan ɗorawa mu san JAMAL ce.

In za ku yi a takarda, mai duba amsa ya riƙa soke kowane harafin ɓoye da ya riga ya ba wa launi, kada ya ba shi sau biyu. Kuma ku daidaita tun farko cewa K daban, Ƙ daban, in ba haka ba rigimar KAFA da ƘAFA za ta biyo ku har cikin kalmomi masu haruffa biyar.