Mabuɗan Jimla: Yadda Ake Koya wa Baƙon Harshe Gina Sakin Layi

Mabuɗin jimla ɗan guntun zance ne da malami kan rubuta wa ɗalibi a matsayin farkon jimla, ya bar masa sauran ya ƙarasa da kansa. "Babban dalili shi ne…", "Alal misali…" da "Sai dai kuma…" duk mabuɗai ne. Idan aka jera huɗu ko biyar daga cikinsu bisa tsari, sun zama ƙwarangwal na sakin layi guda, wanda mai koyon harshe na biyu zai cike da nasa tunanin. Aikinsu na ɗan lokaci ne, kamar katakan da magina kan kafa su taka yayin da bango ke tashi, su kwance su idan gini ya tsaya da kansa.

Dalilin buƙatarsu yana cikin irin nauyin da ke kan mai rubutu da harshen da ba nasa ba. A lokaci guda yana neman abin da zai faɗa, yana lalubar kalmomi, yana kula da nahawu, sannan ana so ya tsara maganar ta bi juna. Hankali ba ya ɗaukar wannan duka, kuma abin da ya fi saurin faɗuwa shi ne tsari. Shi ya sa ake samun ɗalibin da kowace jimlarsa daidai ce, amma idan an haɗa su ba a gane inda ya dosa. Mabuɗin jimla yana ɗauke masa nauyin tsarin na ɗan wani lokaci, don ya tattara ƙarfinsa kan ma'ana.

Tushen dabarar sananne ne a fagen ilimi. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bambance abin da yaro zai iya yi shi kaɗai da abin da zai iya yi idan wanda ya fi shi sani ya tallafa masa, ya kuma nuna cewa a tsakanin biyun ne koyo ke faruwa. A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross suka bayyana yadda ake ba da irin wannan tallafi. A shekarun 1990 kuma David Wray da Maureen Lewis suka yaɗa amfani da ƙwarangwal ɗin rubutu a makarantun firamare na Ingila, musamman ga rubutun bayani da na kafa hujja.

Ana iya ganin yadda abin ke aiki a ajin da ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Manufar ilimi ta Nijeriya da aka fitar a 1977 ta ƙarfafa cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Igbo da Yarabanci ban da harshen gidansu, don haka akwai ɗaliban ƙaramar sakandare da ke rubuta insha'in Hausa alhali ba da ita suka tashi ba. A ce an ba wata ɗaliba irin wannan aikin rubuta sakin layi kan ambaliya a unguwarsu. Ba tare da tallafi ba, abin da takan kawo bai wuce haka ba: "Ruwa yana zuwa. Kwata tana cika. Mutane suna zuba shara. Gida yana rushewa. Sauro yana da yawa." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya, kuma yarinyar ta san batun. Abin da babu shi ne alaƙa: ba a faɗi wane ne sanadi, wane ne sakamako ba.

Malamin da ya gane haka zai rubuta mata mabuɗai biyar a allo:

Babbar matsalar unguwarmu a damina ita ce…
Abin da ke jawo haka shi ne…
Alal misali, bara lokacin da…
Ko da yake wasu suna cewa…
Saboda haka ya kamata…

Kowane layi yana da aiki guda. Na farko yana kafa batu, na biyu yana kawo sanadi, na uku shaida, na huɗu ra'ayin da ya saɓa tare da amsarsa, na biyar kuma matakin da za a ɗauka. Da wannan, ɗalibar za ta iya rubuta: "Babbar matsalar unguwarmu a damina ita ce ambaliya. Abin da ke jawo haka shi ne zubar da shara a cikin kwata. Alal misali, bara lokacin da ledoji suka toshe kwatar bakin masallaci, ruwa ya shiga gidaje. Ko da yake wasu suna cewa aikin hukuma ne, sharar daga gidajenmu take fitowa. Saboda haka ya kamata mu daina zubar da shara a hanyar ruwa." Kusan duk bayanan da ke ciki nata ne tun farko. Maganar sauro ta fita da kanta, don ba ta sami gurbi ba, kuma wannan ma darasi ne: sakin layi batu ɗaya yake ɗauka.

Akwai wani abu da masu tsara mabuɗai kan manta, wato kowane mabuɗi yana tilasta irin nahawun da zai biyo bayansa. Bayan "lokacin da" Hausa tana buƙatar "suka toshe", ba "sun toshe" ba, kuma a nan ne baƙon harshe ya fi tuntuɓe. Bayan "ya kamata" sai an ce "mu daina", ba "muna dainawa" ba. "Babbar matsala" tana tafiya da "ita ce", amma da zarar ɗalibi ya musanya ta da "dalili", dole ya koma "babban dalili shi ne". Saboda haka malami ba ya zaɓen mabuɗi don daɗinsa a kunne kawai. Yana duba ko ajin ya riga ya koyi siffar da mabuɗin zai nema. Idan bai koya ba, ko dai a koyar da ita a ranar, ko a sauƙaƙa mabuɗin: a maimakon "lokacin da…", a ce "Alal misali, bara…", wanda ke barin ɗalibi ya ci gaba da "sun toshe" ba tare da laifi ba. Wannan ƙa'ida ba ta Hausa kaɗai ba ce. Yaron Kano da ke koyon Turanci, da na Zinder da ke koyon Faransanci, da almajirin da ke koyon insha'in Larabci, kowanne yana cin karo da mabuɗan da ke canza siffar aikatau ko suna da ke bayansu.

Kafin a kai ga biro da takarda, matakin farko na baki ne. Malami ya ɗauki wani batu dabam, kamar tsadar kuɗin mota, ya cike mabuɗan a gaban aji yana faɗin dalilin kowane zaɓi da ya yi. Daga nan aji ya haɗu ya gina sakin layi na biyu a allo, sannan ɗalibai su zauna bibbiyu, kowa ya faɗa wa abokinsa jimlolinsa. Abin da baki bai iya furtawa ba, da wuya hannu ya rubuta shi. Wannan jeri, daga malami zuwa aji zuwa ɗalibi shi kaɗai, shi ne abin da David Pearson da Margaret Gallagher suka tsara a 1983 a matsayin miƙa wa ɗalibi ragama sannu a hankali.

Janye tallafin shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Bayan ɗalibai sun rubuta 'yan sakin layi da cikakken ƙwarangwal, sai a daina jera musu mabuɗan. A ba su tarin mabuɗai a cakuɗe, fiye da waɗanda suke buƙata, har da masu aiki iri ɗaya kamar "saboda haka", "don haka" da "wannan ya sa", su zaɓa su jera da kansu. A nan ne ake gane wanda ya fahimci aikin kowane mabuɗi da wanda ke kwafa kawai. Mataki na gaba shi ne a cire mabuɗan ɗungurungum, a bar tambayoyi a gefen allo: mene ne batun, me ya jawo shi, ina shaida, me wani zai ce, me za a yi. A ƙarshe tambayoyin ma su tafi. Ba dole ba ne aji ya taka matakan tare. A darasi ɗaya wani yana iya riƙe da cikakken ƙwarangwal yayin da maƙwabcinsa ke rubutu ba komai a gabansa.

Idan dabarar ta karkace, alamominta a bayyane suke a littattafan aji. Ta farko ita ce mahaɗin da ba ya haɗa komai, irin "Saboda haka sauro yana da fukafukai". Ɗalibin ya cike gurbi ne bai san cewa "saboda haka" alkawarin sakamako ba ne, kuma maganinsa a tambaye shi da baki: saboda me? Ta biyu ita ce a tarar rubutun aji duka iri ɗaya ne har a kalmomin da ɗalibai suka sa da kansu. Wannan yana nuna mabuɗan sun yi tsawo har sun faɗi amsar. "Abin da ke jawo ambaliya shi ne zubar da…" bai bar wa yaro komai ba sai kalmar "shara". Mabuɗi nagari yana nuna irin tunanin da ake so, ba ya yin tunanin. Ta uku ita ce ɗalibin da ke rubutu tsaf muddin allo na cike, amma ya tsaya cak ranar jarrabawa. Wannan an bar shi kan tallafi ya daɗe fiye da kima.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta samar da abin faɗa: yaron da bai san komai kan ambaliya ba, ko bai san kalmomin "kwata" da "toshe" ba, mabuɗi ba zai cece shi ba, don haka tattaunawa da koyar da kalmomi su ke zuwa gaba. Ta fi dacewa da rubutun bayani, kwatance, kafa hujja da jeranta matakan aiki, inda tsarin yake sananne. A ƙagaggen labari amfaninta kaɗan ne, tana ma iya daƙushe shi. Kowane irin rubutu kuma yana buƙatar nasa ƙwarangwal. Wanda aka yi don sanadi da sakamako ba zai yi wa kwatanta birni da ƙauye aiki ba, domin a can ana neman "dukansu suna…" da "amma shi ƙauye…".

Hanyar auna ko aikin ya yi ita ce a ba ɗalibi sabon batu da farar takarda, a goge allo. Idan ya kafa batu, ya kawo sanadi da shaida, ya haɗa su da kalmomin da ya zaɓa da kansa, ko da ba waɗanda malami ya ba shi ba ne, to ya iya gina sakin layi. Idan bai iya ba, a mayar da shi baya mataki ɗaya, ba farkon hanya ba.